Maigida, me ya sa ake duba om kafin a jona sifika?

"Maigida, jiya na ga ka hana a ƙara sifika a kan amfilifaya ka ce om ya yi ƙasa. Ai ni a ganina in dai wat ɗin ya kai shikenan, meye ruwan om a ciki?"

Kai yaro, wat kawai kuka sani ku yaran yanzu, sai ka ga mutum ya riƙe waya zai jona amma bai taɓa juya bayan amf ya karanta abin da aka rubuta ba. Om ɗin nan shi ne yake tare wuta, idan ya yi ƙasa sifika zata ja wuta da yawa daga amf, kuma amf ba ya cewa a'a, zai ta bayarwa har ya kashe kansa. Ɗauki amf yana fitar da bolt 40. A kan om 8 amfiya 5 zai bayar, wat 200 kenan. A kan om 4 amfiya 10. Ka sauke shi om 2 an nemi amfiya 20 daga taransistocin nan dai da ba a ƙara musu komai ba, zafi ya taru a cikinsu. Shi ya sa ake rubuta `4Ω MIN` a baya, wato kar a sauka ƙasa da om 4.

Wannan maganar ce ta ci min amf mafi kyau da na taɓa mallaka, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani mutum ya zo hayar kayan sauti, na ba shi amf mai canel biyu da akwatin sifika huɗu masu om 8, na haɗa masa da hannuna biyu dama biyu hagu. Om 8 biyu a faralel, wato kowane yana jan wuta kai tsaye daga layi ɗaya, om 4 ne, daidai ƙarfinsa. Na ja masa kunne na ce kar a ƙara ko ɗaya, ya ce wallahi ba mai taɓawa. Ashe da na juya baya ya aro wasu akwatuna huɗu, ya bi ta ramin bayan nawa yana ta jonawa, shi gani yake layi yake ja, alhali wannan ramin faralel ne. Huɗu kenan a kowane canel, raba 8 gida 4, om 2.

Kuma amf ɗin bai yi shiru ba fa, ya yi gargaɗi. Ya ɗau zafi, fitilar `PROTECT` ta kama, sauti ya ɗauke. Maimakon ya kira ni sai ya riƙa kashewa yana kunnawa, da fiyus ya tsinke ya naɗa wayar tagulla a wurin. Daga nan taransistocin fita suka yi shot, wutar `DC` ta wuce kai tsaye ta ƙona min koyil ɗin wufa biyu, manyan sifikun nan masu kaurin sauti. Washegari ya dawo da kaya yana huci wai na ba shi mataccen amf na kunyata shi gaban mutane, shi ma kuɗinsa yake nema! Ina buɗewa ga wayar nan a gidan fiyus, canel biyu sun ƙone iri ɗaya, amf mai tsohon ciwo ba haka yake mutuwa ba. Yaron da ya ɗauko masa kayan ne ya faɗa min akwati takwas ya gani. Na nuna wa mutumin, ya rantse ya maya, ko sisi bai biya ba, ni na yi gyara da aljihuna kuma na daɗe ba na karɓar babban aiki.

To idan om ya yi sama fa, misali ka jera om 8 biyu a siris, wato wuta ta bi ta ɗaya kafin ta shiga ɗayan, ya zama 16? Amf na taransisto ba abin da zai same shi, sauti ne zai ragu, wat 200 ɗin can ya koma 100. Matsalar irinku ce, kuna jin ƙara ta ragu sai ku murɗa har fitilar `CLIP` mai nuna amf ya ƙure ta tsaya ja, tuwita mai fitar da siririn sauti ta ƙone.

Kar kuma ka yarda da takardar jikin akwati, ana canza sifikar ciki. Cire wayar daga amf ka sa mitar auna om a kai. Mai om 8 zai nuna wajen 6, mai om 4 wajen 3, don mita juriyar koyil kawai take aunawa, ainihin om ɗin yana hawa da sauka da sauti. Ka auna layin gaba ɗaya bayan ka gama jonawa, in ka ga ya yi ƙasa da 3 a amf mai om 4 cire akwati. In kuma ka sa `BRIDGE`, wato ka haɗe canel biyu su zama ɗaya, kowane canel rabin om ɗin yake gani, don haka amf mai om 4 sai ka ba shi om 8 a nan. Gobe in za a fita da kaya kai zaka auna a gabana kafin a kunna.