Jar shinkafar Sin da ƙwayar sitatin: hanyar aikinsu ɗaya ce a hanta

Tambaya: Likita, shekaruna 54, ina shan atobastatin miligiram 20 saboda kwalastarol ɗina ya kai 170. Cinyoyina suna ɗan ciwo. Ɗana ya aiko mini da kafso na jar shinkafar Sin, ya ce na gargajiya ne, ba shi da illa. Yaya take aiki? In bar maganin asibiti in koma mata, ko in haɗa su?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya kuma yi wa yaron albarka. Amma kada ki haɗa su, kada kuma ki ajiye maganinki sai kin ga likitan da ya rubuta miki shi. Abin da ke cikin kafson nan shi ma sitatin ne, wato dangin magungunan rage kwalastarol da atobastatin ɗinki yake ciki.

Shinkafa ce fara da ake turarawa, a zuba mata wata irin funfuna mai suna Monaskus, a bar ta ta yi ja. Mutanen Sin sun daɗe suna rina abinci da ita. Yayin da funfunar take girma tana fitar da wasu sinadarai da ake kira monakolin, kuma mafi ƙarfinsu shi ne monakolin K. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya ware shi a 1979. A daidai wannan lokaci kamfanin Merck na Amurka ya samo wani sinadari daga wata funfunar daban, da aka gwada su sai aka ga abu ɗaya ne sak. Shi aka sa wa suna lobastatin, aka ba shi lasisi a Amurka a 1987, ya zama sitatin na farko da ya shiga kasuwa.

Yawancin kwalastarol ɗin da ke jikinki jikin ne da kansa yake ƙera shi, musamman hanta, kuma aikin ya fi ƙarfi da dare. Ƙirar tana bin matakai masu yawa, amma akwai guda ɗaya da ke ƙayyade saurin sauran. A matakin nan, wani sinadarin aiki mai suna HMG-CoA ridaktes yana kama wani abu da ake kira HMG-CoA ya mayar da shi mebalonet, daga mebalonet kuma ake ci gaba har a kai ga kwalastarol. Idan monakolin K ya isa hanta, wani zobe da ke jikinsa yana buɗewa, sai wannan ɓangaren ya yi kama da HMG-CoA ƙwarai. Sai ya shige gurbinsa ya zauna daram, kamar makullin da ya shiga kwaɗo amma ba ya buɗewa, ya kuma hana makullin gaske shiga. Atobastatin ɗinki ma gurbin nan yake toshewa.

Sai dai ba rage ƙirar kaɗai ke sauke kwalastarol na jini ba, kuma nan ne wurin da na fi so mutane su gane. Hanta tana buƙatar kwalastarol don yin ruwan matsarmama da gyaran ƙwayoyinta. Da ta ji nata ya yi ƙasa, sai ta ƙara yawan wasu ƙananan tarkuna a fatar ƙwayoyinta waɗanda ke cafko LDL daga cikin jini su shigo da shi. LDL shi ne nau'in kwalastarol ɗin da ke taruwa a bangon jijiyoyi ya ƙuntata su. Wato hantar ce take kwashe shi daga jini don ta cike giɓinta. Michael Brown da Joseph Goldstein suka gano waɗannan tarkuna, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1985. Wannan sauyi yana ɗaukar makonni kafin ya daidaita, shi ya sa muke cewa a dawo awon jini bayan mako shida zuwa sha biyu.

Mu yi lissafi da naki. Idan 170 ɗin nan na LDL ne kafin ki fara magani, atobastatin 20 yakan rage wajen kashi 40 cikin ɗari, ya kawo ki kusa da 100. Jar shinkafa mai monakolin K miligiram 3 zuwa 10 a rana takan rage kashi 15 zuwa 25. A ce ta rage 20, za ki tsaya a 136. In kina da ciwon suga ko hawan jini, ko kin taɓa samun matsalar zuciya, wannan bai wadatar ba. In kuma haɗa su kika yi, ribar kaɗan ce, domin ko ninka sitatin aka yi, abin da ake ƙara samu bai wuce wajen kashi 6 cikin ɗari ba, ga haɗarin ciwon tsoka yana hawa.

Tunda hanya ɗaya suke bi, illarsu ma ɗaya ce. Wanda sitatin ya sa wa ciwon tsoka, jar shinkafa tana iya sa masa. Wasu suna jure mata, galibi saboda maganin da ke cikinta kaɗan ne, kuma likita yana iya samar miki irin wannan sauƙi ta rage adadin ƙwayarki ko sauya miki wata, a ma'aunin da aka sani. Ki je a duba cinyoyin nan, a yi awon jini na CK da ke nuna lahanin tsoka, a duba hanta da tairod, wato halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, don raunin aikinta shi ma yana kawo irin wannan ciwo. Idan kuwa ciwon ya tsananta, ƙafafu suka yi rauni, fitsari ya yi duhu sosai, ki dakatar da maganin ki tafi asibiti ranar, domin tsoka ce ke narkewa, kuma tana iya taɓa ƙoda.

Monakolin K yana kuma karo da wasu magunguna, irin su kilaritiromaisin da eritiromaisin, da itirakonazol na funfuna, da ritonabir na masu cutar ƙanjamau. Suna hana hanta narkar da shi, sai ya taru a jini. Mai ciki da mai shayarwa ba sa shan sa.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ki san nawa ke cikin kafson ba. Adadin da ake rubutawa a kwalba, kamar miligiram 600, yawanci nauyin garin shinkafar ne, monakolin ɗin kuwa ɗan mitsitsi ne a ciki. A wani bincike da aka wallafa a 2017 an auna samfuri 28 daga shagunan Amurka: biyu babu monakolin K ko kaɗan, sauran kuma tazarar mafi ƙaranci da mafi yawa ta haura ninki 60. Idan ba a kula da tsabtar haɗin ba, funfunar tana fitar da sitirinin, guba ce ga ƙoda. A 2024 kamfanin Kobayashi na Japan ya janye kayansa na jar shinkafa bayan mutane da yawa sun kamu da ciwon ƙoda, aka gano wani gurɓataccen sinadari a ciki. Tarayyar Turai kuwa a 2022 ta ƙayyade cewa abin da ake sha a rana kada ya kai miligiram 3 na monakolin.

Ki ɗauki kwalbar ki tafi da ita wurin likitanki, tare da duk wani magani da kike sha, har da na gargajiya, ki gaya masa yaushe ciwon cinyar ya fara da kuma ko yana taɓa ƙafa biyun ne.