Tambaya da Amsa: Mu biyar za mu iya karanta New York Times da asusu ɗaya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin digiri na biyu ne a Zariya, kuma bincikena yana buƙatar rahotannin New York Times. Ina buɗe labari ɗaya ko biyu sai shafin ya rufe, a ce sai na biya. Wani a Telegram yana sayar da imel da kalmar sirri na shekara guda a kan naira dubu uku, mu biyar muna son mu haɗa kuɗi mu saya. Akwai matsala? Labarai nawa ne ake bari kyauta? Kuma in na biya, har da ta takarda?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ku ba mutumin nan ko kwabo. Zan zo kan dalili, amma bari in sallami ƙananan tambayoyin tukuna.

Adadin labaran kyauta ba shi da lamba tsayayyiya a yau. Lokacin da jaridar ta kafa katangarta ta biyan kuɗi a watan Maris na 2011, labarai 20 take bari a wata. A 2012 ta mayar da su 10, a ƙarshen 2017 ta rage zuwa 5. Daga baya ta fara neman mutum ya buɗe asusun kyauta da imel ɗinsa kafin ya ci gaba da karatu, sannan ta daina ba kowa adadi iri ɗaya. Yanzu tana duba yadda mutum ke shigowa da yawan karatunsa, ta yanke masa nasa. Shi ya sa abokinka zai iya buɗe uku, kai ka tsaya a ɗaya, kuma ba wanda wayarsa ta lalace. A da ƙidayar tana zaune ne a burauzarka, cikin 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa, don haka mutane kan goge su lissafi ya koma sifili. Da ƙidayar ta koma jikin asusu, wannan dabara ta mutu. Wasu jaridun ma ba su san zancen ƙidaya ba: The Times ta Landan ta rufe ƙofa gaba ɗaya a 2010, ita kuwa Guardian ta Birtaniya shafinta a buɗe yake, gudummawa take roƙo.

Batun takarda hanya ɗaya yake bi. Wanda ya biya a riƙa kai masa jaridar gida, ko ta Lahadi kaɗai ce, yana samun ta intanet a kai. Wanda ya biya ta intanet ba a aiko masa da takarda. Kai wa gida kuma galibi harkar mazauna Amurka ce, ba wanda zai kawo maka ita Samaru. Idan abin da kake so shi ne ka san labaran da suka fito a bugun ranar don ka ambace su a bincikenka, akwai sashen Today's Paper a shafin, yana jera su sashe-sashe.

To, mu koma kan mai Telegram, domin nan ne mutane ke faɗawa rami kullum, kuma masu ilimi ne ke faɗawa. Tunanin da ke yaudararsu shi ne wai mutumin ya sayi rajista ne da yawa yana sayarwa ɗai-ɗai, kamar mai sarin katin waya. Babu irin wannan sari. Jaridar tana sayar wa makarantu da kamfanoni rajistar taro, amma a can kowane mutum yana buɗe nasa asusun da imel ɗin makarantarsa ko ma'aikatarsa, ba a miƙa wa kowa kalmar sirrin wani. Yi lissafin da kanka: ko a farashin rangwame, ta yaya naira dubu uku za ta sayi shekara? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani ne ya biya, kuma bai san da ku ba.

Irin waɗannan asusai daga wurare uku suke fitowa. Mafi yawa na mutane ne da suka yi amfani da kalmar sirri guda a shafuka da dama. Aka fasa wani shafin daban, jerin imel da kalmomin sirri suka bazu, ɓarayi suka riƙa gwada su a jaridu har wasu suka buɗe. Wasu kuma an buɗe su ne da katin banki na sata, kuma ranar da mai katin ya kai ƙara bankinsa, ranar asusun ke mutuwa. Na ukun na ɗaliban wasu jami'o'in ƙetare ne da aka yaudara suka ba da bayanan shigarsu. Duk cikin ukun, wanda ya saya ɓarawon zaune ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma ba na jin mai neman ilimi zai so ya gina kundinsa a kan aljihun wani bawan Allah da ake cire wa kuɗi duk mako huɗu.

Alamomin a fili suke. Mai sayarwa zai gargaɗe ka kada ka canza kalmar sirri, kada ka taɓa saituna, kada ka yi sharhi a ƙasan labari. Me ya sa? Domin duk wanda ka yi cikinsu yana iya tura saƙo zuwa imel ɗin mai asusun na gaskiya, ya farga. Za ka shiga ka tarar da sunan wani baƙo, da labaran da ya ajiye, da wasiƙun labarai da bai kamata a ce sabon asusu yana da su ba. Bayan mako biyu ko uku a fitar da kai, ka koma wurin mai sayarwa ya ba ka wani, idan ya amsa ke nan. Wanda yake iya canza maka asusu sau uku ba ɗan kasuwa ba ne mai kirki, jerin sata ne a hannunsa mai tsawo.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mataki na gaba, wanda ba a cika faɗa wa mai saye ba sai ya riga ya biya. Idan asusun ya mutu, sai a ce maka ai akwai manhaja ta musamman da ke buɗe kowace jarida, a turo maka fayil ɗin APK ka girka da hannu, ko wani ƙari da ake liƙa wa burauzar kwamfuta. Dubi izinin da suke nema. Ƙarin burauza zai nemi karanta da canza bayananka a dukkan shafukan da kake ziyarta, wanda ya haɗa da shafin bankinka da imel ɗinka da fotal ɗin makaranta. Manhajar wayar kuwa idan ta nemi izinin karanta saƙonnin tes, to lambar da banki ke turo maka kafin fitar kuɗi ta zama tata. Karanta jarida ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya riga ya girka irin wannan, ya cire shi yau, ya canza kalmar sirrin imel ɗinsa daga wata na'ura daban, sannan ta banki, a wannan jerin, domin da imel ake sake saita sauran.

Yanzu a ce kun bar mai Telegram, ɗayanku ya biya da katinsa na halal, ya raba wa huɗun kalmar sirri. Wannan ba sata ba ce irin waccan, amma ya saɓa wa sharuɗɗan da aka amince da su lokacin rajista: asusu na mutum ɗaya ne, ya buɗe shi a wayarsa da kwamfutarsa duk babu laifi, amma na'urori da yawa ba su ne mutane da yawa ba, kuma jaridar tana da ikon dakatar da asusun. Hatsarin kuma a kan mai biyan yake sauka. Duk wanda ya shiga zai ga adireshinsa da lambobin ƙarshe na katinsa, zai iya canza tsarin biyan ko ya rubuta sharhi da sunansa. Idan kuwa da maɓallin Continue with Google ya yi rajista, to ba shi da wata kalmar sirri ta jaridar da zai bayar sai ta Gmail ɗinsa, kuma wannan mukullin gidansa ne gaba ɗaya.

Akwai ƙofar da jaridar da kanta ta buɗe, kuma ta isa buƙatarku. Mai rajista yana da labarai 10 a kowane wata da zai bayar kyauta. Zai buɗe labarin, ya danna alamar kyauta da ke jikinsa, a ba shi linki na musamman. Duk wanda ya bi wannan linkin zai karanta cikakken labarin ba tare da biya ba, na wani ɗan lokaci kafin ya daina aiki. Linki ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne, don haka idan ya jefa shi a zaurenku na WhatsApp, huɗun duk za su buɗe, kuma ɗaya kawai ya ragu cikin goman. A lura, kwafo adireshin daga saman burauza ba ya yin wannan aiki, katanga za ta tare su kamar kullum. Mai rajistar shi zai yi binciken a rumbun jaridar, ku zauna ku zaɓi goman da suka fi muku amfani a watan. Kafin ku biya kuma, ku tambayi ma'aikacin sashen intanet na laburaren jami'arku ko suna da rumbun bayanai da ke ɗauke da rubutun jaridun ƙetare, tambayar ba ta cin ko sisi.

Wanda zai biya ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin farashi. Jaridar tana cire kuɗi duk mako huɗu ne, ba duk wata ba, wato sau 13 a shekara. A ce tayin da ka gani dala 1 ne a mako: dala 4 ke nan kowane zagaye, dala 52 a shekara. A ce cikakken farashin da aka rubuta a ƙasa dala 25 ne duk mako huɗu: idan rangwamen ya ƙare ba ka soke ba, shekara ta biyu za ta ci dala 325, fiye da ninki shida, kuma ba za a sake neman izininka ba. Lambobin da za ka gani a naka allon suna iya bambanta, amma lissafin haka yake tafiya. Ka rubuta ranar ƙarewar rangwamen a kalandar wayarka da tunatarwar mako guda kafin ta. Ka kuma tabbatar da bankinka cewa katin yana biyan dala a ƙetare, da iyakar da suka sa masa, don rajistar kan tsaya idan cirewar ta gaza. Idan ta cikin manhajar waya ka biya, wato ta Google Play ko App Store, a can za ka soke, a sashen Subscriptions. Goge manhajar daga waya ba ya dakatar da cire kuɗin.