Yaya ake gane ƙonewar aiki?

Tambaya: "Ofishinmu ya raba mana takardar tambayoyi, wai za a auna ko aiki ya ƙone mu. Ana iya auna wannan kuwa?"

Ana iya. Ƙonewar aiki ita ce gajiya mai tsanani da matsin aiki na dogon lokaci ke jawo wa mutum. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne MBI, na Christina Maslach da Susan Jackson, wanda ya fito a 1981. Tambayoyi 22 ne, suna duba abu uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, sanyin hulɗa da mutanen da kake yi wa aiki, da jin cewa ba ka tsinana komai.

Ma'aikaciyar jinya na iya son aikinta ƙwarai amma ta fito da maki mai yawa a gajiya, domin gamsuwa da aiki daban take da gajiya. Matsalar ita ce tsoro: in ma'aikata suka zaci oga zai ga sunansu, kowa sai ya rubuta lafiya lau. Ka fara tambaya wa zai karanta amsoshin.