Yadda Ake Fassara Sunan Abincin da Ba Mu da Irinsa

"Malam, wani ɗan kasuwa da ke Guangzhou a ƙasar Sin ya turo mini hoton takardar jerin abinci ta wani gidan cin abinci, yana so in mayar masa da ita Hausa. In bi sunayen kalma-kalma ne, ko in sa sunan abincinmu da ya yi kama da su?"

Duka hanyoyin biyu za su iya ɓatar da mutumin, domin shi ba ma'anar suna yake nema ba, so yake ya san abin da za a ajiye masa a faranti. Ka bar sunan yadda aka rubuta shi, don ya iya nuna wa mai kawo abinci da yatsa, ka sa lafazinsa a gefe, sannan ka ƙara layi ɗaya da ke faɗin irin naman, yadda aka dafa shi, da ko yana da yaji.

Ɗauki 鱼香肉丝, wanda ake furtawa yuxiang rousi. Idan ka bi kalmomin, za ka rubuta "nama mai ƙanshin kifi", alhali babu kifi a cikinsa ko kaɗan. Sunan ya samo asali ne daga haɗin barkono, tafarnuwa, citta, sukari da ruwan tsami da mutanen lardin Sichuan suke dafa kifi da shi. Babban haɗarin kuma yana wajen harafin 肉, wanda ma'anarsa nama ce kawai, amma a al'adar girkin Sin idan ya zo shi kaɗai, ba a haɗa shi da 牛 na sa ko 羊 na rago ko 鸡 na kaza ba, to naman alade ake nufi. Saboda haka abin da za ka rubuta shi ne: "Naman alade yankakke siri-siri, soyayye da barkono da tafarnuwa, mai ɗan zaƙi da tsami." Sai dai idan ka ga 清真 a saman takardar, wato gidan na halal ne, nan kam da naman sa ko kaza ake yin sa.

Aron sunan abincinmu ba laifi ba ne idan abin ɗaya ne da gaske. Kana iya kiran 豆腐 awara, tunda duka daga waken suya ake yin su, amma a 麻婆豆腐 dole ka ƙara cewa akwai niƙaƙƙen nama a ciki, kuma gidaje da yawa na alade suke sawa, don haka ya tambaya.

Kada ka manta da gefen farashi. Idan an rubuta 38元/斤 a gaban kifi, yuan 38 ɗin kuɗin rabin kilo ne, ba na faranti ba, kuma kifin da ya kai kilo ɗaya da rabi zai tashi a yuan 114. Inda haske ya haske rubutun ko hoton ya yanke layi, ka ce ya sake ɗauka daga kusa, domin harafi ɗaya da ya ɓace a gaban 肉 shi ke raba sa da alade.