Haƙƙin mai hayar shago idan mai gini ya ƙara kuɗi

"Na kama shago na shekara biyar, yanzu mai ginin ya ce zai ƙara kuɗin haya a shekara ta biyu, ya riƙe kuɗin jinginata, kuma ni zan gyara rufin da ke yoyo. Yana da wannan ikon?"

Ikonsa bai wuce abin da kuka sa wa hannu a takardar yarjejeniya ba. Idan an ƙayyade wa'adi da kuɗi, kuma babu sharaɗin sake duba haya, a ƙa'ida ba zai ƙara ba sai wa'adin ya cika; idan akwai, dole ya bi ranar da hanyar lissafin da aka rubuta. Misali, sharaɗin ƙarin kashi 10 cikin 100 bayan shekara uku yana nufin hayar 1,000,000 za ta koma 1,100,000 a shekara ta huɗu, ba a ta biyu ba.

Kuɗin jingina kuwa yawanci ana riƙe shi har ranar fita, sannan a cire bashin haya ko ɓarnar da ka yi, ban da tsufan da amfani ya jawo. A nan na fi ganin 'yan kasuwa suna asara, domin ba su ɗauki hoton bango da silin ranar karɓar makulli ba. Game da rufi, ka duba ko an ɗora maka gyaran ciki kawai ne ko na ginin gaba ɗaya, domin na biyun zai iya haɗawa da yoyon. Ka sanar da shi a rubuce, kuma kada ka cire kuɗin gyara daga haya sai ya amince a rubuce.