Me ya sa ake cewa "taller" amma ba a cewa "expensiver"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare, daga wani ƙauye kusa da Gumel. Na rubuta *This ram is more better* malaminmu ya soke. Na rubuta *expensiver*, shi ma ya soke. Don Allah yaushe ake sa *more*, yaushe ake sa *-er*?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma na lura tushen wannan matsala yana cikin Hausarmu. Mu kalma ɗaya ce ke yi mana aikin duka, wato "fi": ya fi shi tsawo, ya fi shi tsada, ya fi kowa kyau. Sai ɗalibi ya ɗauka *more* ita ce "fi", ya riƙa liƙa ta ko'ina. Turanci kuwa hanya biyu gare shi, kuma tsawon sifar ne ke zaɓar hanyar.

Mu je kasuwar Maigatari, ga raguna uku a turke. Kina son ki ce na biyu ya fi na farko tsawo. *Tall* gaɓa ɗaya ce, don haka sai ɗafa-ƙeya: *The second ram is taller than the first*. Idan na uku ya fi su duka, *the third is the tallest*. Kula da abokan tafiyarsu: *than* tana bin ta kwatanta biyu, *the* tana gaban ta wanda ya fi kowa. Girma ma haka ne, sai dai *big* ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, shi ya sa ake ninka baƙin: *bigger, biggest*. Nauyi fa? *Heavy* gaɓa biyu ce, amma mai gaɓa biyu da ta ƙare da *y* tana bin gajeru, *y* ɗin ta koma *i*: *heavier, heaviest*.

Yanzu dillali ya faɗi kuɗi. Furta *expensive* a hankali: *ex-pen-sive*, gaɓa uku. Sifa mai gaɓa uku ko fiye ba ta ɗaukar ɗafa-ƙeya, ta riga ta yi wa baki nauyi. Ba a taɓa jikinta, a gabanta ake ajiye kalma: *more expensive than*, *the most expensive*. Haka *beautiful, difficult, important*.

Ga inda nake son ki tsaya sosai. Gaɓa ake ƙirgawa, ba haruffa ba, kuma da furucin Turanci ake ƙirga ta. Harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe, sai ya cusa wasali a tsakani. Ai haka *bread* ta zama burodi. To idan kika furta *strong* kamar "sitiron", za ki ji gaɓa uku, ki rubuta *more strong*. Alhali sautin wasali ɗaya ne tak a cikinta: *stronger, strongest*. *Straight* haruffa takwas ce, amma gaɓa ɗaya: *straighter*. Ni kan sa ɗalibaina su ɗora bayan hannu a ƙarƙashin haɓa su furta kalmar. Sau nawa haɓar ta sauko, gaɓoɓin ke nan, muddin ba a cusa wasalin da babu shi ba.

Masu gaɓa biyu da ba su ƙare da *y* ba, yawancinsu *more* suke so, musamman masu *-ful, -ous, -ing*: *more careful, more famous, more boring*. Kaɗan kamar *clever* da *narrow* suna karɓar ko wanne.

Sai 'yan tawayen, waɗanda ba ƙa'idar da za ta fitar miki da su, sai hadda: *good, better, best*, *bad, worse, worst*, *little, less, least*, *much* ko *many, more, most*, *far, farther* ko *further, farthest* ko *furthest*. Nan ne jimlarki ta farko ta yi tuntuɓe. *Better* da kanta tana nufin "ya fi kyau", "fi" ɗin yana cikinta. Sa mata *more* tamkar ki ce "ya fi fin kyau" ne. Haka *more taller* da *most biggest*: hanya ɗaya ake bi, ba a haɗa biyu. Idan ƙarfafawa kike so, wato ya fi shi nesa ba kusa ba, kalmar ita ce *much*: *This ram is much better than that one*.