Ni kaɗai ce injiniya a danginmu, ina zan samu jagora?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Shekarata biyu da gama karatun injiniyan gine-gine, yanzu ina aiki da wani kamfanin kwangila. A danginmu kaf babu wanda ya taɓa yin wannan sana'a. Abokan aikina da iyayensu injiniyoyi ne suna da wanda za su kira idan abu ya shige musu duhu, ni kuwa sai dai in yi ta lalube. Ta yaya zan samu jagora, kuma me zan riƙa tambayarsa don kada in zame masa kaya?

Amsa: Ƙanwata, nima haka na taso, shi ya sa tambayarki ta taɓa ni. Abokan aikinki ba su fi ki sanin lissafi ba, ajinku ɗaya, littattafanku ɗaya. Abin da suka tsinta a gida shi ne ilimin da ba a rubutawa: wace takarda ce ba a sa mata hannu sai an gani da ido, yaushe ake ce wa ɗan kwangila a dakata, wane aiki ne zai gina mutum, wane ne zai cinye masa shekara biyar a banza. Wannan ilimi kike nema, kuma yana bakin mutanen da suka riga ki shan rana a wurin gini.

Kada ki je gaban babban injiniya ki ce masa ya zama jagoranki. Na sha ganin matasa suna yin haka, kuma kusan kullum amsar ita ce "to, babu damuwa", daga nan maganar ta mutu. Dalili kuwa, kin miƙa masa nauyin da bai san girmansa ba, bai san ƙarshensa ba, kuma bai san ke wace ce a aiki ba. Abin da yake buɗe ƙofa shi ne ki kai masa matsala guda ɗaya ta gaskiya, wadda kika riga kika yi gumi a kanta, wadda zai iya amsawa cikin minti goma sha biyar.

Bari in ba ki yadda nawa ya faro. A shekarata ta biyu ina kula da zuba daben bene a wani gini. Zanen ya ce ƙarfin kankare ya kai 25 a kwana 28. Kin san ana ɗibar samfuri ranar zubi, a murƙushe wasu a kwana 7, sauran a kwana 28, kuma a kwana 7 ana sa ran ganin kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin, wato 16 ko 17. Sakamakon ya dawo 14. Ɗan kwangila yana matsa min in yarda a cire katakon da ke tallafe da daben, don ana buƙatarsa a wani ɓangaren. Shugabana ya yi tafiya. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Akwai wani dattijon injiniya da yake zuwa duba ginin a madadin mai shi sau biyu a wata. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na aika masa saƙo gajere. Na faɗi ko ni wane ne da ginin da ya san ni a kai, na ba shi lambobin, na ce ra'ayina shi ne a bar katakon har sakamakon kwana 28 ya fito, sannan na tambaye shi ko akwai abin da ban hango ba. Ki lura, na kai masa hukuncina ne ya duba, ban ce ya yanke min ba.

Da ya kira ni, bai fara da lambar ba. Ya ce, "Samfurin nan, ina ya kwana?" Na yi shiru. Ya ce in je in binciko ko an tsoma shi a ruwa bayan an cire shi daga mazubi, da kuma wanda ya cika mazubin, ko ya daddanna shi yadda ya kamata. Da na bincika, sai na tarar samfurin ya yi kwana biyu a bayan ɗakin ajiya, rana tana dukansa, babu ruwa. Samfurin da aka yi wa haka yakan nuna ƙarfi ƙasa da wanda ya kamata ya nuna. Duk da haka ya ce shawarata tana nan daram, a bar katakon, domin zato ba ya ɗaukar bene. Idan na kwana 28 ma ya gaza, a huda daben a ciro kankaren da ke jikinsa a gwada. Sai ya ƙara abin da babu malamin da ya taɓa gaya min: "Ka rubuta wa ɗan kwangila da shugabanka yau ɗin nan, da kwanan wata, ka ajiye kwafi. Maganar baki ba ta tsaya wa mutum ranar bincike."

Na kwana 28 ya zo 23, aka huda, kankaren jikin ginin ya cika sharaɗi. Ranar da sakamakon ya fito na rubuta masa layi uku: ga abin da ya ce, ga abin da na yi, ga yadda ta kaya. Wannan saƙo na biyu shi ya mai da shi jagorana, kuma nan ne mafi yawan matasa suke faɗuwa. Suna karɓar shawara su ɓace, sai wata matsalar ta taso su sake bayyana. Mai ba da shawara yana son ya san maganarsa ta faɗa ƙasa mai kyau. Mun yi shekara shida tare da dattijon nan, kuma babu ranar da ɗayanmu ya furta kalmar jagora.

A ina za ki same shi? Ki fara da mutanen da suka riga suka ga aikinki ko da daga nesa: injiniyan da ke duba gini a madadin mai shi, wanda ya kula da aikin bincikenki na shekarar ƙarshe, waɗanda suka riga ki gama makarantarku, da tarukan reshen ƙungiyar injiniyoyi mafi kusa da ke. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun 1973 cewa labarin dama yakan fi zuwa daga mutanen da aka sani sama-sama fiye da na kusa, saboda na kusa abin da ka sani shi suka sani. Wannan ya yi daidai da halinki. Sannan yawancin hukumomin rajistar injiniyoyi suna neman shekaru na aiki ƙarƙashin kulawar injiniya mai rajista, a wurare da dama kusan huɗu, kuma sai ya sa hannu a kan rahoton abin da kika yi. Wannan dalili ne na halak da za ki tunkari mutum da shi ba tare da jin nauyi ba.

A zaɓe, ni na fi son wanda ya riga ki da shekara bakwai zuwa goma sha biyar fiye da shahararren da kowa ke rububi. Na farkon bai manta yadda matakin da kike kai yake ba, kuma yana da lokaci. Kada kuma shugabanki na kai tsaye ya zama shi kaɗai ne madogararki. Zai iya koya miki aiki ƙwarai, amma ranar da tambayarki ta zama ko lokacin barin kamfanin ya yi, buƙatarsa da taki sun rabu. Kafin ki matsa kusa da mutum, ki kalli yadda yake magana da leburori da masu ɗaurin rodi, ki kuma ji inda waɗanda suka yi aiki ƙarƙashinsa suka kai.

Idan an fara, tafiyar a hannunki take. Zama ɗaya duk bayan mako shida ko takwas ya isa, na rabin awa zuwa awa ɗaya, a ofis ko wurin gini, a lokacin aiki. Ki aika masa abu biyu da za ku tattauna kwana biyu kafin ranar. Ki riƙe littafi guda da kike rubuta abin da ya ce da abin da kika yi da shi, wanda daga baya zai zame miki rabin rahoton rajistarki. Abin da ke cikin littafin ƙa'idojin gini kada ki ɓata lokacinsa da shi, ki karanta da kanki. Ki kai masa abin da sai da shekaru ake gane shi.

Sau ɗaya a shekara kuma ki ajiye matsalolin yau, ki tambaye shi wannan: idan ya dubi abin da kika yi cikin wata goma sha biyu, wane giɓi ne zai hana ki rajista ko ɗaukar babban aiki nan da shekara uku? Da na yi wa dattijona wannan tambayar, ya ce na iya tsayuwa a wurin gini amma ban taɓa zana ko ginshiƙi ɗaya daga farko har ƙarshe ba, kuma idan na ƙara shekara uku a haka, ofishin zane ba zai ɗauke ni a matakin da ya dace da shekaruna ba. Maganar ta yi min ɗaci, domin ina jin daɗin inda nake. Na koma ofishin zane na wata goma sha takwas, albashina ya ragu, kuma a kan wannan zaman sauran aikina ya ginu.

Akwai alamomin da za ki gane an kauce hanya. Idan kowane zama labarin kansa yake ba ki, kika tashi babu abu ɗaya da za ki aikata, kin samu mai hira ne. Idan bai taɓa ce miki kin yi kuskure ba cikin shekara guda, bai duba aikinki da gaske ba. Idan ya fara tura miki aikinsa na kuɗi ki yi kyauta da sunan koyo, ko yana fushi don kin nemi shawarar wani, ko yana jan ganawar zuwa wuri da lokacin da ba na aiki ba, ki ja da baya cikin mutunci, ba sai kin ba da dogon bayani ba. Wanda ya ce ki sa hannu a kan abin da ba ki gani ba kuwa, ranar nan ki rabu da shi.

Ko mai kyau ma yana da wa'adi. Kathy Kram, wadda ta yi nazarin irin wannan alaƙa a wuraren aiki, ta bayyana a 1983 cewa takan bi matakai huɗu: farawa, bunƙasa, rabuwa, sannan ta koma wata siffa, kuma bunƙasar takan ɗauki shekara biyu zuwa biyar. Za ki gane kin zo na uku idan kina iya faɗin amsarsa kafin ya buɗe baki, ko kika shiga fannin da bai taɓa aiki a ciki ba. Haka ta faru da ni da na koma aikin gadoji. Na gaya masa kai tsaye, shi da kansa ya haɗa ni da wata injiniya da ta yi shekara ashirin a wannan fanni, kuma saƙona na farko gare ta tambaya ɗaya ce a kan wata tsaga da na gani a ƙafar gada, tare da hoto da awon faɗinta.